Kafin Ka Zauna Gaban Masu Ɗaukar Aiki, Fara Zama Gaban Abokinka



Yau maganata da mutumin da aka kira intabiyu ne, saura kwana biyar ko mako guda, yana ta juya takardu a ɗaki, yana karanta tambayoyi a waya, yana amsawa a zuci. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san inda wannan shiri ke tsayawa. Muddin allo na hannunka, kana jin karatu ya zauna. Ranar da malam ya karɓe allon ya ce kawo hadda, ranar kake sanin inda kake tuntuɓe. Masana ma sun gwada wannan. A shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu aka rufe takardar aka ce su kawo abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda aka sa su kawo da ka sun fi riƙe abin. Amsar da ka ba kanka a zuci ba ta taɓa bi ta kan harshenka ba, kuma a ɗakin intabiyu harshe ne zai yi aikin.

Don haka ake yin intabiyun gwaji: abokinka ya zama mai tambaya, kai ka zama mai neman aiki. Mutane da yawa na yi, amma yawanci hira ce kawai ake yi a kan benci, a yi dariya, aboki ya ce ai ka iya, a tashi. Bari in ba ku labarin wanda na zauna aka yi a gabana, don a ga inda amfanin yake.

Ɗan ƙanwata ya karanta ilimin akanta, ya gama bautar ƙasa, ya yi shekara biyu babu aikin ofis. Sai wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano ya kira shi intabiyu, gurbin mataimakin akanta. Ya zo ya same ni da abokinsa da suka yi makaranta tare, ya ce, "Kawu, so muke mu yi gwaji a zaurenka, ka zauna ka gani." Na ce to, amma da sharaɗi uku. Za a yi shi da harshen da za a yi na gaskiya, wato Turanci, domin amsa mai daɗi da Hausa ba ta juyewa Turanci da kanta idan gaba na faɗuwa. Zai sa kayan da zai sa ranar, ya fita waje, ya yi sallama ya shigo, ya jira a ce ya zauna. Kuma daga lokacin da aka fara har a gama babu tsayawa, babu "dakata in sake", ko da kansa ya ɗaure.

Wannan sharaɗi na uku shi ne mafi wuya ga abokai. Tausayi ne ke ɓata gwaji. Da zarar aboki ya ga ɗan'uwansa ya yi shiru, sai ya ƙarasa masa magana, ko ya yi murmushi ya sassauta tambayar. Masu ɗaukar aiki ba za su yi haka ba. Na ce wa abokin, "Yaro, rabin awan nan ba ka san shi ba. Idan ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, ka ci gaba da rubutu."

Tambayoyin ba daga ka aka tsara su ba. Mun ɗauko tallar aikin muka bi ta layi-layi. Ta ce ana son wanda ya iya daidaita lissafin kuɗi da na banki, wanda ya iya aiki da Excel, wanda zai iya hulɗa da masu kai kaya. Kowane layi muka mayar da shi tambaya. Muka ƙara waɗanda kusan ko'ina ake yi: faɗa mana ko kai wane ne, me ya sa kake son aikin nan, kana da tambaya gare mu. Sannan abokin ya duba takardar bayanin karatu da ayyukan da yaron ya tura wa kamfanin, ya nemo wurin da ido zai tsaya a kai, wato shekara biyun nan da babu komai a rubuce. Tambaya takwas suka fito, kuma mai amsawa bai ga jerinsu ba. Na kuma ba abokin tambayoyin bin diddigi guda biyu da zai riƙa jefawa ko'ina: "Kai da kanka me ka yi?" da kuma "Daga nan sai me ya faru?" Waɗannan biyun su ne ke tona amsar da babu komai a cikinta.

Sai maganar ɗauka. Waya muka jingina a kan littattafai, daidai tsayin idon mai amsawa, kamar taku biyu daga gare shi, yadda za a ga fuska da hannuwa. Muka zaunar da shi yana fuskantar ƙofa inda haske ke shigowa, domin idan haske na bayanka inuwa kawai za a gani. Muka rufe layin wayar don kada kira ya katse ɗaukar, muka kashe fanka saboda ƙararta na cinye murya. Kafin a fara muka ɗauki daƙiƙa goma muka saurara. Ku riƙe wannan, domin babu takaicin da ya kai a gama rabin awa a tarar ba a jin komai. Wanda intabiyunsa ta Zoom za a yi ko ta kiran waya, to gwajin ma ta can za a yi shi, abokin ya koma wani ɗaki, da wayar da layin da za a yi amfani da su ranar.

Aka yi, aka gama cikin minti ashirin da bakwai. Yaron ya share gumi ya ce, "Ina ganin ba laifi." Abokin ya buɗe baki zai fara magana na tsayar da shi. Na ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya gani tukuna, minti biyar, babu magana. Dalili shi ne duk wanda ya fara magana, sauran bin sa suke yi. Bayan haka mai amsawa ne ya fara faɗin nasa: wace amsa yake jin ta fi, wacce ta ba shi wahala. Sai muka kunna bidiyon.

A nan akwai abin da ya kamata a gargaɗi kowa a kai. Karon farko da mutum ya ji muryarsa a waya, ba ya son ta. Ba wai muryar ce ba ta da daɗi ba. Idan kana magana, kana jin kanka ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, su kuma ƙasusuwan suna ƙara wa muryar kauri. Waya ta iska kaɗai take ɗauka, sai ka ji muryar ta yi siriri kamar ta wani. Wannan ita ce muryar da jama'a suka saba ji tun da kake, ba su taɓa ƙorafi ba. Saboda haka minti biyun farko a bar mutum ya gama jin kunyarsa, sannan a shiga aiki.

Sau biyu muka bi bidiyon. Karon farko muka kife wayar muka saurari murya kaɗai, da agogo a hannu, muna rubuta tsawon kowace amsa. Karo na biyu muka kashe sautin muka kalli hoton kaɗai, muna tsallakawa. A nan muka ga abin da shi bai san yana yi ba: duk lokacin da aka yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai ya amsa wa tabarma. Wannan tarbiyya ce, haka muka koya wa 'ya'yanmu, yaro ba ya ƙure babba da ido. Amma a gaban masu tantancewa ana iya ɗaukar hakan a matsayin rashin tabbas da abin da kake faɗa. Ba mu ce ya zura wa kowa ido ba. Mun ce ya ɗaga kai lokacin da zai fara amsa da lokacin da zai rufe ta, tsakani kuma ya kalli takardar mai tambaya ko goshinsa. Girmamawa ba ta tafi ba, fuska kuma ta fito.

Yanzu ga gyara, wanda a nan ne abota ke iya taimako ko ta yi ɓarna. A takardar abokin akwai abu goma sha ɗaya. Na farko ya rubuta, "Ba ka da ƙarfin hali." Na ce masa ya soke wannan. Me mutum zai yi da wannan magana gobe da safe? A shekarar 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje kan yi wa mutane gyara a kan aikinsu, suka tarar a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin ma lalacewa ya ƙara yi. Bayanin da suka bayar shi ne, gyaran da ya karkatar da hankalin mutum zuwa kansa, ko ni wane iri ne, ko na isa, yana janye hankalin daga aikin. Gyara mai amfani yana nuna wuri da lokaci. Maimakon "ba ka da ƙarfin hali", sai a ce, "A minti na tara, da aka tambaye ka shekara biyun nan, muryarka ta sauka har ba a ji ƙarshen maganar ba." Wannan ana iya komawa a gani, ana iya gyarawa.

Muka rage goma sha ɗayan nan zuwa uku, domin kai ba ya ɗaukar fiye da haka a zama ɗaya. Muka kuma faɗa masa abu guda da ya yi daidai don kada ya taɓa shi: bayanin da ya yi kan yadda yake tsara lissafi a Excel ya fito tsaf cikin minti ɗaya da rabi. Wannan ba don a sanyaya masa rai ba ne. Idan ba ka gaya wa mutum abin da ya yi daidai ba, yana iya rushe shi garin gyaran wani.

Yawancin masu gwaji a nan suke tashi. An yi tambayoyi, an kalli bidiyo, an faɗi kurakurai, sai a ce Allah Ya ba da sa'a. Ni kuwa a ganina duk abin da ya gabata share fage ne. Malamin da ya ji ka yi kuskure a hadda ba ya cewa ka tafi gida ka gyara, a take yake cewa maimaita. Sanin kuskure ba ya canza abin da harshe ya saba. Idan ba ka sake faɗin amsar da bakinka ba, ranar intabiyu tsohuwar ce za ta fito.

Amsa ta farko da muka ɗauko ita ce ta wannan tambaya: ba mu labarin lokacin da ka gano kuskure a lissafi. A bidiyon ya yi minti uku da daƙiƙa arba'in. Ya fara daga yadda aka tura shi wata makaranta bautar ƙasa, da nisan garin, da yadda ofishin ma'aji yake. Sai a minti na uku kuskuren ya shigo, kuma duk maganar "muka duba, muka gano, muka gyara" ce. Da abokin ya ce kai me ka yi, sai ya ce, "Ai tare muka yi." Mu Hausawa mun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne a zaman duniya. Amma faɗin aikin da hannunka ya yi, ba ƙari ba ragi, shaida ce kake bayarwa, kuma ita aka kira ka ka bayar. Kamfanin ba ofishin ma'ajin zai ɗauka ba, mutum ɗaya zai ɗauka.

Na ce ya ajiye Turanci ya ba ni labarin da Hausa, kamar muna cin tuwo. Sai ga abin ya fito. A ƙarshen wata, kuɗin makaranta da ke littafin shiga da fita ya gaza na takardar banki da naira dubu ashirin da bakwai. Ana shirin cewa wani ya ci. Shi kuwa ya tuna abin da aka koya musu, cewa idan bambancin yana rabuwa da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi wajen rubutu. Ya raba ya ga ya rabu. Ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da inda aka biya 63,000 amma aka rubuta 36,000. Cikin awa guda magana ta mutu, kuma daga nan ya ba da shawara a riƙa daidaita littafin da rasit duk ranar Juma'a maimakon a jira ƙarshen wata. Na ce masa, "Ɗana, wannan ce amsar. Me ya sa ka binne ta?"

Ba mu rubuta amsar kalma da kalma ba. A bayan wata ambulan muka rubuta abu huɗu kawai: matsalar, abin da na lura, abin da na yi, abin da ya biyo baya. Ya kalle su, muka kife ambulan, aka kunna waya, abokin ya sake tambaya. Zagaye na farko minti biyu da rabi, har yanzu da ɗan tarihin garin. Muka saurara, ya ji da kunnensa. Zagaye na biyu na ce wa abokin ya canza lafazin tambayar, ya ce, me za ka yi idan lissafi ya ƙi daidaita? Minti biyu. Zagaye na uku abokin ya katse shi a tsakiya da gangan, ya ce me ya sa tara? Ya yi bayani ya koma kan labarinsa bai ɓata ba. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, kuma "na" ta maye gurbin "muka" a duk inda shi ya yi aikin.

Canza lafazi da katsewar nan suna da dalili. Haɗarin maimaitawa shi ne hadda irin ta aku. Alamarta a bayyane take: murya ta zama ɗaya babu hawa babu sauka, ido ya tafi sama yana neman kalma ta gaba, kuma da an katse mutum sai ya koma farko ko ya tsaya cak. Idan ka ga zagaye biyu sun fito da kalmomi iri ɗaya sak, to a dakata, a bar amsar ta kwana. Abin da ake so ya zauna shi ne jerin labarin, kalmomin kuwa su riƙa sauyawa.

Amsa ta biyu ta fi taɓa zuciya. Da aka tambaye shi shekara biyun nan, abin da ya ce a bidiyon shi ne yana ɗan buga-buga. Daƙiƙa takwas, kai a ƙasa. Alhali na san abin da yake yi: yana riƙe da rumfar cire kuɗi da tura kuɗi a bakin kasuwa. Kunyarta yake ji, yana ganin ba aikin mai takarda ba ne. Abokin ne ya warware wannan, ba ni ba. Ya ce, "Mutumina, kullum da daddare me kake yi kafin ka rufe?" Ya ce yana ƙirga kuɗin hannu ya gwada da abin da na'ura ta nuna. Ya ce idan banki ya cire wa mutum kuɗi amma ba su shigo ba fa? Ya ce yana rubuta lambar cinikin da lokacin, ya bi banki har a mayar. Abokin ya ce, "To ai aikin da suke nema ke nan, shekara biyu kana yin sa kullum." Muka sake ɗauka har sau huɗu, domin wannan ba tsari ne ya yi mata ƙaranci ba, yarda da kai ce. A zagaye na huɗu ne ya faɗi sunan sana'ar kai a ɗage, ya kawo yadda ya riƙe amanar masu hulɗa da shi lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023.

Akwai iyakar abin da aboki zai iya, kuma gara a san ta. Abokin nan akanta ne, shi ya sa ya iya gane ko amsar lissafi daidai ce. Da ɗinki ya koya, zai iya auna tsawon amsa, ya ga sunkuyar da kai, ya ji inda magana ta watse, amma ba zai iya cewa ilimin da ke ciki daidai ne ba. A irin wannan hali sai a yanko amsoshin da suka shafi sana'ar a kai wa wanda ya san ta ya saurara. Haka kuma bidiyon amana ne. Da wayar mai amsawa ake ɗauka, shi ke da ikon gogewa, kuma ba a tura shi wani zaure a WhatsApp don raha. Mutum ba zai saki jiki ya yi kuskure a gabanka ba idan yana tsoron inda hoton zai kwana.

Bayan kwana biyu suka dawo. Ba mu sake duka takwas ɗin ba. Abokin ya cusa tambayoyin amsoshi biyun nan a cikin sababbin tambayoyi uku da yaron bai taɓa ji ba, minti goma sha biyar aka gama. Labarin lambobin ya fito lafiya. Ta shekara biyun ta ɗan koma baya, murya ta sake sauka a ƙarshe, muka maimaita ta sau biyu ta dawo. Wannan komawa baya ba abin tsoro ba ne, don a kama ta ne ake barin tazara tsakanin zama da zama. Daren jajibiri kuwa na hana su yin komai. Sabon gyara a wannan dare ruɗani kawai yake kawowa, ba shi da lokacin zama. Ya goge kayansa, ya jera takardunsa a jaka, ya tambayi hanyar da zai bi da tsawon lokacin da za ta ci, ya kwanta da wuri.

Da ya dawo daga intabiyun na tambaye shi abin da suka tambaya. Ya ce daga cikin takwas ɗinmu huɗu sun fito, kowacce da nata lafazin. Wata mata a cikin masu tantancewar ta duba takardarsa ta ɗago ta ce, me kake yi tun da ka gama bautar ƙasa? Ya ce, "Kawu, sai na ji kaina zai sunkuya, na tuna bidiyon, na ɗaga na ce mata ina riƙe da rumfar cire kuɗi." Ta ajiye biro ta tambaye shi yadda yake rufe lissafinsa da daddare.